KAFIN KA CE BABA YA FARA GIGIN TSUFA, A DUBA KUNNENSA



Saƙonmu na yau ya shafi duk wanda yake da tsoho ko tsohuwa a hannunsa, musamman ku mutanenmu na Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura da ƙauyukan da ke kewaye. Yana da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe.

Idan idon tsoho ya yi yana, gida kan tashi tsaye. A yi karo-karo, a nemi mota, a kai shi a yi masa aiki. Idan kuwa kunnensa ne ya yi nauyi, sai ka ji an ce "ai shekaru ne", a bar maganar a nan. Bayan 'yan shekaru, mutumin da a da shi ke raba gardama a majalisa ya koma zaman ɗaki, ba ya shiga hira, yana manta abubuwa, sai a ce ya fara gigin tsufa.

Ra'ayina shi ne wannan sakaci ne da muke yi ba tare da mun sani ba. Nauyin kunne ciwo ne da ake aunawa, ake kuma taimaka wa mai shi, kuma barinsa haka yana da alaƙa da raguwar tunani da ƙwaƙwalwa. Saboda haka duk tsohon da aka ga ya janye jiki daga mutane ko ya fara mantuwa, kunnensa ya kamata a fara dubawa kafin a yanke masa hukunci.

*ME YA SA BA MA GANEWA DA WURI?*

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan abu mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, wajen 15,000 a kowane kunne. Su ne ke juya sauti ya zama saƙon da jijiya za ta kai wa ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Shekaru suna cin su a hankali, ƙara mai ƙarfi tana saurin cin su, hawan jini da ciwon suga su ma suna taimakawa wajen lalata su.

Waɗanda suka fi saurin mutuwa su ne masu kama siririn sauti. A magana, siririn sautin shi ne irin su s, sh, f, ts. Wasulla kuwa, wato a, i, u da sauransu, sautinsu mai kauri ne, kuma su ne ke daɗewa ana ji. Shi ya sa "fara" da "sara" da "shara" da "tsara" duk sukan zo wa tsoho kamar kalma ɗaya. Yana jin cewa ana magana, kalmomin ne ba ya rarrabewa. Muryar mata da ta jikoki ita ta fi ɓace masa, domin ta fi ta maza sirantaka.

Ga kuma abin da ke rufe mana ido. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da sauka, kuma wannan karin yana isa kunnen da ya yi nauyi. Gaisuwarmu kuma a tsare take, kowa ya haddace ta. Ka durƙusa ka ce "Baba, ina kwana", ya ce "lafiya lau". Ka ce "ina gajiya", ya ce "ba gajiya". Zai iya amsa gaisuwa ta minti biyu daidai ba tare da ya ji rabin kalmominta ba, saboda ya san abin da ke biye da wani. Kai kuma ka miƙe ka tafi da tabbacin cewa Baba yana ji garau. Sai ranar da ka kawo masa sabon zance, maganar kuɗin taki ko ranar ɗaurin aure, sannan za ka ga ya amsa wani abu dabam, ko ya yi murmushi ya ce "to, madalla".

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji da ya kai ya hana su gudanar da harkokinsu yadda ya kamata. Ka ƙirga tsofaffin sahun gaba a masallacin unguwarku, ka yi lissafin da kanka. A wajenmu kuma akwai ƙarin dalilai. Mutum ya shekara ashirin a kan injin niƙa, ko injin ban ruwa a fadama, ko fasa dutse, ko maƙera, ba tare da ya taɓa toshe kunne ba. Wani ya yi sanƙarau ya tashi da raunin ji. Wani kuma an yi ta ɗirka masa allurar jantamaisin ko kwinin a kemis babu lissafi, alhali magunguna ne da aka san suna iya taɓa kunne.

*DAGA KUNNE ZUWA ƊAKI*

Janyewar tsoho daga mutane ba dare ɗaya take faruwa ba. Wurin da ya fara gagararsa shi ne wurin hayaniya: ɗaurin aure, suna, kasuwa, zaman gaisuwar mutuwa. Mutum biyar suna magana lokaci guda, babur yana wucewa, janareta yana ruri. Ya ce "na'am?" sau ɗaya, sau biyu, a na uku kunya ta kama shi. Wata rana ya ba da amsar da ba ta dace da tambaya ba, matasa suka ƙunshe dariya, ya gani. Dattijo ba ya son a gan shi a haka. Gobe sai ya ce ƙafa ke damunsa, ba zai fita ba.

Daga nan sai majalisar bayan la'asar ta fita daga hannunsa. Sai karatun da yake zama bayan magariba, tunda ba ya jin fassarar malam. Sai rediyo, wadda a da ba ya rabuwa da ita. Sai waya: 'ya'yansa da ke Kano ko Legas ko Abuja suna kira, ya miƙa wa jika ya ce "ji abin da yake cewa". A ɓangaren mata abin ya fi ɓoyuwa, domin tsohuwa dama tana cikin gida. Za ta daina zuwa biki da barka da islamiyya, ta zauna a ƙofar ɗakinta da carbi, kowa ya ce Inna ta kama ibada. Wataƙila ta kama ibadar, amma ka tambayi kanka yaushe rabon da wani ya zauna ya yi hirar rabin awa da ita.

Akwai wani abu da ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kai. Ladabin da aka koya mana yana ƙara wa mai nauyin kunne wahala. An koya mana mu sassauta murya a gaban babba, mu sunkuyar da kai, kada mu kalli tsabar idonsa. Suruka tana magana daga bakin ƙofa, ta juya fuska gefe, ta ja mayafi ta rufe baki. Hirar gida kuma yawanci da daddare ake yin ta, a tsakar gida, cikin duhu. Shi kuwa mai raunin ji da leɓe da fuska yake cike gurbin abin da kunne ya rasa. Mun rage murya, mun ɓoye fuska, mun kashe fitila. Me ya rage masa?

Sannan kuma ba wanda yake son a ji shi yana ɗaga wa mahaifinsa murya, don addini ya hana tsawa ga iyaye, maƙwabta kuma za su ɗauka rashin kunya ne. To maimakon a ɗaga murya, sai a rage maganar gaba ɗaya. A kai masa abinci, a gaishe shi, a fita. A yanke shawarar gona da ta auren jikarsa, daga baya a sanar da shi a taƙaice. Ba wanda ya yi nufin wulaƙanta shi, amma ga shi an cire shi daga gidansa yana zaune a ciki.

*DAGA ƊAKI ZUWA MANTUWA*

Masana suna bayyana alaƙar kunne da ƙwaƙwalwa ta hanyoyi uku.

Ta farko, wahalar saurare. Idan kalmomi suna zuwa a gutsure, ƙwaƙwalwa tana kashe ƙarfinta wajen haɗa su da cankar abin da aka ce, sai ya zama ba ta da sauran ƙarfin adana shi. Ka tuna yadda kake ji bayan ka yi doguwar waya a wurin da sabis ke yankewa: ka gaji, kuma rabin zancen ya zube. Haka tsoho yake wuni kullum.

Ta biyu, rashin aiki. Sashen ƙwaƙwalwa da ke karɓar sauti da fassara magana, idan saƙo ya rage zuwa masa shekara da shekaru, yana raguwa. An ga haka a hotunan ƙwaƙwalwar tsofaffi masu raunin ji.

Ta uku, kaɗaici. Hira motsa jiki ce ga ƙwaƙwalwa. A majalisa mutum yana tuno sunaye da nasaba, yana lissafin farashin gero, yana kawo hujja, yana ba da labarin shekarar fari. Idan wannan ya tsaya, sai damuwa da baƙin ciki su shigo, kuma kaɗaici da ciwon damuwa kowannensu yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna tafiya tare da ciwon mantuwa.

Ga abin da bincike ya nuna. A 2011, Dakta Frank Lin da abokan aikinsa na jami'ar Johns Hopkins a Amurka sun fitar da sakamakon bin diddigin mutum 639 na kusan shekara 12. Masu ɗan raunin ji, haɗarin kamuwarsu da ciwon mantuwa ya kusan ninka na masu ji garau sau biyu. Masu matsakaicin rauni sau uku, masu rauni mai tsanani kusan sau biyar. A 2024 kuma, kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa waɗanda ke da hannu a ciwon mantuwa, ya sa raunin ji a sahun gaba, da kimanin kashi 7 cikin 100 na masu ciwon.

*INDA MAGANAR TA TSAYA*

Wani zai ce, to ashe na'urar ji maganin mantuwa ce? A'a, kuma duk wanda ya sayar maka da ita da wannan alƙawari ya yaudare ka. Tafiyar abu biyu tare ba ta nuna lallai ɗaya ne ya haifi ɗayan. Hawan jini da suga suna lalata ƙananan hanyoyin jini na kunne da na ƙwaƙwalwa a lokaci guda, don haka wani ɓangare na alaƙar daga nan yake. Da yawa masu nauyin kunne sun kai shekara 90 da hankalinsu cif.

An gwada abin kai tsaye a wani babban gwaji mai suna ACHIEVE da aka wallafa a 2023. An ɗauki tsofaffi 977 'yan shekara 70 zuwa 84 masu raunin ji, aka ba rabi na'urar ji da horo, rabi kuma aka ba su ilimin kiwon lafiya kawai, aka bi su shekara uku. Da aka haɗa kowa da kowa, ba a ga bambanci a ƙwaƙwalwa ba. Amma a cikin rukunin waɗanda suka fi tsufa kuma suka fi yawan matsaloli irin su hawan jini da suga, waɗanda aka ba na'urar raguwar tunaninsu ta yi ƙasa da kusan rabi, kashi 48 cikin 100.

Ni abin da na ɗauka daga nan shi ne: irin tsofaffin da suka amfana a gwajin su ne irin namu, masu fama da hawan jinin da ba a kula da shi sosai ba. Ko da kuma na'urar ba ta ƙara wa ƙwaƙwalwa komai ba, mutumin da ya dawo yana jin karatun liman da muryar jikarsa ya riga ya ci riba.

*KUNNE NE KO ƘWAƘWALWA? GWAJI BIYU A GIDA*

Abin da ba a ji ba, ba a manta shi ba. Sau da yawa "ai na gaya wa Baba jiya, ya manta" ma'anarsa Baba bai ji ba tun farko, ya dai gyaɗa kai. Ga yadda za ka fara rarrabewa.

Gwajin raɗa. A ɗaki shiru, ka zaunar da shi, ka tsaya a bayansa nisan tsawon hannu don kada ya ga bakinka. Ka sa yatsa ka danne ɗan tsokan da ke bakin ramin kunnen hagu kana murza shi a hankali, domin kunnen dama kaɗai ya yi aiki. Ka fitar da numfashinka duka, sannan ka raɗa lambobi uku, misali huɗu, tara, biyu, ya maimaita. In ya kuskure, ka sake da wasu uku dabam. In bai samu aƙalla uku cikin shidan ba, wannan kunnen yana buƙatar likita. Sai ka juya ɗaya kunnen da sababbin lambobi.

Gwajin tuni. Ka zauna a gabansa cikin haske, ka faɗa masa abubuwa uku da ba su da alaƙa, misali goro, tabarma, akuya. Ka sa ya maimaita da bakinsa, don ka tabbata sun shiga. Ku yi wata hirar ta minti biyar, sannan ka tambaye shi. In ya kawo su, alama ce mai kyau cewa matsalar ta fi karkata ga kunne.

Alamomin da ke nuna abin ya wuce kunne su ne: ya ɓata a hanyar da ya saba bi, kamar daga masallaci zuwa gida, lissafin kuɗin da ya saba ya gagare shi, yana maimaita tambaya ɗaya bayan ya ji amsa ya kuma maimaita ta, yana rikita sunayen 'ya'yansa ko lokutan salla. Wannan sai likita, kuma ko a nan ma a duba kunnen, domin mutum yana iya haɗa biyun, kuma rashin ji yana ƙara wa mai mantuwa ruɗewa. Gwaje-gwajen nan na gida manuniya ce kawai, ba su maye gurbin asibiti.

*MU BI MISALI ƊAYA DAGA FARKO ZUWA ƘARSHE*

Mu ƙaddara wani dattijo ne a wani ƙauye na ƙasar Roni, shekararsa 72, ya yi shekaru yana da injin niƙa, yana kuma da hawan jini. Shekara biyu ke nan ya daina zama a majalisa, iyali suna cewa ya fara mantuwa. Babban ɗansa ya yi masa gwajin raɗa: kunnen dama ya samu ɗaya cikin shida, na hagu biyu. A gwajin tuni ya kawo goro da tabarma da akuya ba gargada.

Mataki na farko, asibiti mafi kusa, kamar babban asibitin Kazaure ko na Ɓaɓura, a ce a leƙa kunnen da fitilar duba kunne, a kuma auna jini da suga. A misalinmu, an tarar dattin kunne ya taru ya toshe ramin. Wannan ya zama ruwan dare ga tsofaffi, kuma shi ne mafi sauƙin gyara. Ana iya tausasa shi da man zaitun mai tsabta, ɗigo biyu zuwa uku, sau uku a rana, kwana uku zuwa biyar, yana kwance a gefe na 'yan mintuna bayan kowane ɗigo, sannan ma'aikacin lafiya ya wanke ko ya cire. Sharaɗi: ba a ɗiga komai a kunnen da ke zubar da ruwa ko mugunya, ko yake ciwo, ko aka san dodonsa ya huje. Shi ya sa ake fara leƙawa kafin a ɗiga. Man zaitun datti kawai yake tausasawa, ba ya tayar da ƙwayoyin da suka mutu. Tsinken ashana da gashin kaza da tsinken auduga kuwa tura dattin ciki suke yi, wani lokaci su huda dodon kunne. Ruwan albasa, tafarnuwa, man fetur, turare ko mai mai zafi, duk a nisanta su daga kunne.

An cire datti, Baba ya ɗan samu sauƙi, amma har yanzu gwajin raɗa yana gagararsa. Mataki na biyu, a karɓi takardar turawa zuwa sashen kunne da hanci da maƙogwaro, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a yi masa awon ji. Akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. Awon ba ya ciwo: ana sa masa abin saurare a ɗaki shiru, yana ɗaga hannu duk lokacin da ya ji sauti. Sakamakon yana fitowa da ma'aunin desibel. Ƙasa da 20 lafiya ne, 20 zuwa 35 ɗan rauni, 35 zuwa 50 matsakaici, abin da ya haura haka kuma yana ƙara tsanani. Mu ce Baba ya fito da 45 a kunnen da ya fi kyau. Wannan shi ne mutumin da ke jin magana in an matso kusa, amma taro ya gagare shi, kuma irinsa na'urar ji ta fi yi wa amfani.

Mataki na uku, na'urar. Ta gaskiya ana saita ta ne bisa takardar awonsa, ta ƙara siraran sautukan da ya rasa, ta bar waɗanda yake ji. Ta kasuwa da ake sayarwa ba awo tana ƙara komai gaba ɗaya, kukan zakara da ƙarar kwano da babur, har ta iya ƙara lalata kunnen.

A nan ne yawancin gidaje ke faɗuwa. Makon farko Baba zai ce abin yana damunsa, muryarsa ta canja, takun takalmi kamar ganga, ya cire ya jefa a aljihu. Wannan ba lalacewa ba ce, ƙwaƙwalwa ce da ta shekara ba ta ji waɗannan sautukan ba. A fara da 'yan awanni a rana a cikin gida, da mutum ɗaya yana masa hira, a riƙa ƙarawa, sai bayan makonni a shiga da ita masallaci da majalisa. In tana fito, wato tana wani siririn kuka, yawanci ba ta zauna daidai ba ne ko datti ya sake taruwa. A cire ta kafin alwala da wanka da barci, a goge ta da busasshen ƙyalle, a ajiye ta a rufaffen gwangwani saboda ƙurar hunturu. Ƙaramin batirinta yakan yi mako ɗaya zuwa biyu, don haka a sayo da yawa tun daga Kano, a kuma ɓoye shi daga yara, domin haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro har ya kai ga kisa. A koma wurin wanda ya saita ta bayan wata ɗaya don gyara. A naɗa mutum ɗaya a gidan wanda wannan duka aikinsa ne, in ba haka ba kowa zai bar wa kowa.

*IN BABU KUƊIN NA'URA FA?*

Gaskiya ne tana da tsada, ga kuɗin mota zuwa Kano da dawowa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna a Afirka kusan tara cikin goma na masu buƙatar na'urar ba su da ita. Amma ina roƙon 'ya'ya su sa ta a layi ɗaya da aikin ido da kujerar Umara idan ana tattara kuɗin yi wa iyaye hidima. Kafin nan kuma, ga abin da ba ya cin ko kwabo:

• Ka fara jan hankalinsa kafin ka yi magana. Ka zo gabansa, ka durƙusa daidai fuskarsa, haske yana kan fuskarka. Kallon fuskar mahaifi don ya fahimce ka ladabi ne.

• Kada ka yi ihu. Ihu yana murɗa kalmomi, yana kuma sa fuskarka ta yi kama da ta mai faɗa. Ka ɗan ɗaga murya kaɗan, ka yi magana a hankali, ka fara da kan zancen: "Baba, maganar gona ce."

• In bai gane ba sau biyu, ka canja kalmomin. Kada ka taɓa cewa "bar shi kawai, ba komai". Wannan kalmar ita ke tura tsoho ɗaki.

• A kashe rediyo da talabijin lokacin hira, a yi magana ɗaya bayan ɗaya. Muhimmin zance a yi shi da rana.

• A masallaci da wurin karatu a nema masa wuri kusa da liman ko malam, ta ɓangaren kunnensa mai kyau. A majalisa wani ya zauna kusa da shi yana sanar da shi inda zance ya nufa.

• A ci gaba da kai masa shawara kafin a yanke, a tura jikoki su tambaye shi tarihin gida. Suruka ko 'ya ta ware wa Inna lokacin hira kullum, fuska da fuska.

• A riƙa auna jini da suga, a sha magani yadda aka rubuta. Masu aiki a injin niƙa da janareta su sa abin toshe kunne tun yanzu. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nisan hannu da kai ya ji ka, ƙarar wurin tana cin kunnenka.

*WAƊANNAN BA A JIRA*

Ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda cikin kwana ɗaya zuwa uku: a tafi asibiti a ranar, domin maganinsa a kwanakin farko yake aiki. Haka kunnen da ke zubar da mugunya mai wari, ko ciwon kunne mai tsanani ga mai ciwon suga, ko raunin ji tare da jiri ko karkacewar baki. Tsohon da ya ruɗe cikin kwana ɗaya ko biyu alhali jiya lafiyarsa ƙalau, wannan ba gigin tsufa ba ne, yana iya zama zazzaɓi ko suga ko shanyewar ɓarin jiki, a gaggauta kai shi.

Hausawa suna cewa kunne ya girmi kaka, saboda ta kunne muke karɓar abin da ya faru kafin a haife mu. Tsofaffin nan su ne suka san iyakar gonaki, da nasabar gidaje, da yadda aka sasanta rigimar da ta girme mu. Idan muka bar su suka yi shiru shekara biyar kafin ajalinsu, mu ma mun yi asara.

Aikin wannan makon guda ɗaya ne: ka yi wa duk wanda ya haura shekara 60 a gidanku gwajin raɗa. Minti biyar ne. Wanda bai samu uku cikin shida ba, a sa ranar kai shi a leƙa kunnensa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, waɗanda ke raye ya ba mu ikon kyautata musu, ya sa mu gama da jinmu da ganinmu da hankalinmu lafiya. Amin.

A tura wa 'yan uwa da sauran zaurukan iyali, wataƙila akwai gidan da ke jiran wannan bayanin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.